Yadda Ake Lissafa Tsawon Rafta Daga Faɗin Gini Da Kusurwar Rufi

Katakon rufi da ake sayarwa a kasuwannin Kano, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa, yawanci tsawonsa ƙafa 12 ne. A lissafi ƙafa 12 mita 3.66 ce, amma idan ka cire bakin da ya tsage da wanda zarto ya yanka a karkace, abin da za ka iya dogara da shi bai wuce mita 3.60 ba. Wannan lamba ita ce iyakar da duk mai rufin kwano yake aiki a cikinta. Idan raftarka ta tsaya ƙasa da ita, katako ɗaya ya ishe ka a kowane ɓangare. Idan ta haura ko da faɗin tafin hannu ne, sai an yi haɗi, sai ƙarin katako, ƙarin ƙusa, da ƙarin kuɗin aiki. Shi ya sa ake so a san tsawon rafta tun kafin a je kasuwa, kuma abu biyu kawai ake buƙata: faɗin ginin da kusurwar da rufin zai kwanta a kai.

Zan yi bayanin ne da wani ɗakin ajiyar shinkafa da na bi aikin rufinsa a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, lokacin da muka fita koyon aiki. Yankin yana cikin shirin noman rani na Kogin Kano, wanda ake shayar da shi da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Saboda ana noma rani da damina, ko'ina ka duba za ka ga ana gina ɗakin ajiya, ko rumfar injin casa, ko shagon taki. Kusan duk rufinsu iri ɗaya ne: kwano mai gangara biyu, ƙoƙuwa a tsakiya. Wannan rufin shi za mu lissafa.

Alwatikar da ke cikin rufin

Ka tsaya a gefen gini ka dubi rufin ta ƙarshensa, za ka ga alwatika. Ka raba ta biyu da layi a tsaye daga ƙoƙuwa zuwa ƙasa, sai ka sami alwatika biyu masu kusurwa tsayayya, wato digiri 90. Ɗaya daga ciki ta ishe mu. Gefenta na kwance shi ne rabin faɗin gini. Gefenta na tsaye shi ne tashin rufi, wato tazarar da ƙoƙuwa ta yi sama. Gefenta mai gangara, wanda ya fi kowanne tsawo, shi ne rafta. Kusurwar rufi kuwa ita ce wadda ke tsakanin rafta da gefen kwance, a rubuce ana sa mata alamar θ.

Dokar ita ce:

tsawon rafta = rabin faɗi ÷ cos θ

Da yawa daga cikinmu mun haddace wannan don jarrabawa, amma in aka tambaye mu me ya sa ake rabawa, me ya sa ba a ninkawa, sai a yi shiru. Ga dalilin. Idan ka ɗauki katako mai mita ɗaya ka karkata shi digiri 20, inuwarsa a ƙasa in rana tana tsaka ba za ta kai mita ɗaya ba, za ta tsaya a mita 0.94. Wannan 0.94 ɗin shi ne cos 20. To tunda kowace mita ta rafta mita 0.94 kawai take ci a kwance, tambayar ita ce mita nawa ake buƙata kafin a cinye rabin faɗin ginin gaba ɗaya. Ka ga wannan aikin rabawa ne. In ka riƙe hoton inuwar nan, ba za ka sake ruɗewa ba.

Faɗin da ake aunawa

Ɗakin ajiyar nan tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 6.0 daga bayan bango zuwa bayan bango. Na ce daga baya zuwa baya da gangan, domin mai ɗaki in ka tambaye shi faɗi, na ciki zai gaya maka, tunda shi abin da ya dame shi buhu nawa zai shiga. Bangon bulo ne mai inci tara, wato santimita 22.5, don haka cikin ɗakin mita 5.55 ne. Wanda ya yi lissafi da na ciki zai raba 2.775 da cos 20 ya sami mita 2.95, alhali amsar gaskiya, kamar yadda za mu gani, mita 3.19 ce. Ya rasa santimita 24 kenan a kowace rafta tun kafin a taɓa zarto.

Sannan kada a auna a wuri ɗaya. A auna ƙarshen gabas, a auna tsakiya, a auna ƙarshen yamma, kuma a saman bango inda katako zai zauna, domin bango yakan buɗe ko ya tsuke yana tashi. In an sami bambanci, a yi lissafin sayen katako da mafi girma. Haka kuma a kula da magini mai cewa "ƙafa ashirin ne, wato mita shida." Ƙafa 20 mita 6.10 ce. Santimita goman nan kamar ba komai ba, amma za ku ga yadda 'yar tazara irin wannan take yanke hukunci.

Lissafin kansa

An tsayar da kusurwar rufin a digiri 20. Rabin faɗi mita 3.0 ne, kuma cos 20 = 0.9397.

3.0 ÷ 0.9397 = 3.19

Wannan shi ne tsawon rafta daga tsakiyar ƙoƙuwa zuwa daidai bayan bango. Tashin rufin kuma ana samunsa da tan: rabin faɗi × tan θ. Tunda tan 20 = 0.364, tashin ya zama 3.0 × 0.364 = mita 1.09. Ina son in riƙa fitar da tashin ko da ba a tambaye ni ba, saboda da shi ake gwada amsa ta wata hanya. Ka ninka 3.0 da kansa, 9. Ka ninka 1.09 da kansa, kusan 1.19. Ka haɗa, 10.19. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 10.19 ita ce 3.19. Hanya biyu sun haɗu a wuri ɗaya, hankali ya kwanta.

Amma rafta ba a kan bango take ƙarewa ba. Dole ta zarce waje don ruwan kwano ya zuba nesa da gini. Mai ɗakin ya nemi bakin rufin ya fita santimita 45. A nan ake yawan yin tuntuɓe: santimita 45 ɗin a kwance ake auna ta, daga bango zuwa inda ruwa zai ɗiga, ita kuwa rafta a karkace take tafiya. Don haka ita ma sai an raba ta da cos θ. Mafi sauƙi shi ne a haɗa ta da rabin faɗi tun farko:

(3.0 + 0.45) ÷ 0.9397 = 3.67

Saura abu guda. Bakin rafta na sama da na ƙasa duka ana yanka su ne yadda za su tsaya a tsaye bayan an ɗora, wato a jikin katakon yankan a karkace yake. Yankan karkace yana cin katako. Abin da yake ci shi ne faɗin katakon × tan θ. Da tu-bai-fo, wanda faɗinsa kusan santimita 10 ne, 10 × 0.364 ya ba da santimita 3.6, a ce 4. Saboda haka katakon da za a fitar da wannan rafta daga cikinsa sai ya kai mita 3.71.

Katakon kasuwa kuma mita 3.60. Ya gaza da santimita 11. Ana kafa jerin rafta duk bayan mita 1.2, don haka a tsawon mita 12 jeri 11 ne, rafta 22. Duk 22 ɗin sai an yi musu haɗi saboda tazarar da ba ta kai tsawon biro ba.

Me za a rage: kusurwa ko baki?

Abin da ya fara zuwa ran kowa a wurin shi ne a kwantar da rufin. Mu gwada digiri 15. Cos 15 = 0.9659, sai 3.45 ÷ 0.9659 ya ba da mita 3.57. A ƙara santimita 3 na yanka, an kai 3.60 cif, ba ko ɗan rarar da za a gyara baki. Wato an sadaukar da digiri biyar an sami santimita goma kacal. Dalili shi ne a ƙananan kusurwoyi cos ba ya motsi sosai: daga 0.94 zuwa 0.97 ne kawai. Abin da yake motsi da gaske shi ne tashin rufi, wanda ya sauko daga mita 1.09 zuwa 0.80. Rufin da ya kwanta kuma ruwa ba ya gudu a kansa da sauri, kuma in iska ta turo shi yana iya komawa ta mahaɗar kwano ya ɗiga ciki. A ɗakin da shinkafa za ta kwana cikin ruwan Agusta, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin buhun da ya jiƙe ko ya yi fumfuna ko ya tsira.

Sai a gwada ɗaya hanyar: a bar digiri 20, a rage baki zuwa santimita 30.

(3.0 + 0.30) ÷ 0.9397 = 3.51

A ƙara santimita 4, ya zama 3.55. Ya shiga cikin katako ɗaya, har da rarar santimita 5. Rage santimita 15 a baki ya sauke santimita 16 daga rafta, ya fi abin da digiri biyar suka sauke. Darasin da ke nan shi ne, a rufin da bai kai digiri 25 ba, tsawon rafta faɗi da baki ne suke juya shi, kusurwa kaɗan take taɓawa. Sai an haura sama ne take nuna ƙarfinta: a digiri 30, da bakin santimita 45, raftar ta kai mita 3.98.

Akwai wata riba da ta biyo baya. Kwano mai ƙafa shida tsawonsa mita 1.83 ne. In aka jera biyu, na sama ya hau na ƙasa da santimita 15, suna rufe mita 3.51. Kwanon yakan ɗan leƙa gaban katako a ƙasa, amma hular ƙoƙuwa tana rufe ɗan gibin da hakan ya bari a sama, don haka layi biyu ya isa kowane ɓangare, muddin an sa tef an tabbatar kwanon ya cika tsawonsa. Da an tsaya a 3.67, sai an shigo da layi na uku ana yayyanka kwano.

Hanyar da aka bi kenan, amma ba don ta fi kyau a ko'ina ba. Bangon nan bulo ne da za a yi wa filasta, yana jure feshin ruwa. Da ginin ƙasa ne, ba zan ba da shawarar rage baki ba, domin ruwan da ke dukan gindin bangon ƙasa shi ke cinye shi. A nan gara a bar bakin da faɗinsa a yi haɗin. In kuwa za a yi haɗi, a sa shi daidai inda tokara take riƙe rafta daga ƙasa, a dafa shi da katako gefe da gefe. Kada ya faɗo a tsakiyar sarari inda ba abin da ke tallafe da shi, domin nan rufi yake fara lotsawa.

Daga digiri zuwa harshen kafinta

Kafintan da ya yi aikin dattijo ne, ya daɗe yana rufi a yankin. Da na ce masa digiri 20, sai ya ce, "Injiniya, ni ka gaya mini ƙafa nawa zan tayar da tsakiya." Na ce, "Baba, ƙafa uku da inci bakwai." Mita 1.09 kenan. Wannan ita ce gaskiyar wurin aiki: ba wanda zai hau bango da ma'aunin kusurwa, tashi ake aunawa. Aikinmu ne mu mayar da digiri zuwa abin da tef zai iya nunawa.

Ana iya juya lissafin ma. In kafinta ne ya riga ya ce zai tayar da ƙafa huɗu, wato mita 1.22, sai ka raba tashin da rabin faɗi: 1.22 ÷ 3.0 = 0.407. Ka danna tan⁻¹ a kalkuleta, za ta ba ka kusan digiri 22. Da wannan tashin, ko da bakin santimita 30 ne, katakon da ake buƙata ya koma mita 3.60, rarar nan ta tafi. Ka ga inci biyar da aka ƙara a tsakiya "don ya yi kyau" sun isa su dawo da matsalar.

Wajen zana yanka kuma, digiri 20 na nufin tashin santimita 36.4 a kowace mita ɗaya ta kwance. A kan sukwaya, ka riƙe santimita 30 a dogon hannu da santimita 10.9 a gajeren hannu, ka daidaita maki biyun da gefen katako. Layin gajeren hannun shi ne yankan da zai tsaya a tsaye. Duk awon tsawo kuma a gefen sama na rafta ake yinsa: daga yankan ƙoƙuwa ka auna 3.19 ka yi alamar bayan bango, ka ci gaba zuwa 3.51 ka yi alamar baki. Kada ka fara awo a gefen sama ka ƙare a na ƙasa, santimita huɗun nan za su ɓace maka. In kuma raftocin ba junansu za su taɓa a ƙoƙuwa ba, akwai katako a tsakaninsu, to a cire rabin kaurinsa daga kowace rafta.

Kafin a yanka 22, a yanka biyu. A zana alwatikar da alli a daɓen ɗakin da cikakken girmanta, a kwantar da raftocin biyu a kai, a ga bakinsu ya haɗu ba gibi. In sun zauna, su ne za a riƙa ɗorawa a kan sauran ana zanawa. In bakin ya haɗu a sama ya buɗe a ƙasa, ko akasin haka, kusurwar yankan ce ba daidai ba, kuma katako biyu kawai aka yi asara.

Yadda za ka gane amsarka ta kauce

Gwaji na farko: rafta ba ta taɓa gaza rabin faɗi. In ka sami 2.82 a ginin da rabinsa 3.0 ne, ninkawa ka yi maimakon rabawa.

Na biyu: a rufi irin namu, tsakanin digiri 15 da 30, rafta tana ɗara awon kwance da kashi 4 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai. In ka ga 6.39, da faɗin gaba ɗaya ka yi aiki, ka manta ka raba biyu. In ka ga 7.35, kalkuletarka tana kan RAD, ba DEG ba. Wannan ya fi faruwa da kalkuletar waya. Kafin ka fara komai, danna cos 60. In ta ba ka 0.5, ci gaba. In ta ba ka wani abu daban, gyara ta tukuna.

Inda dokar ta tsaya

Rabin faɗi yana aiki ne idan ƙoƙuwa tana tsakiya kuma bangon biyu tsayinsu ɗaya. Rumfar injin casa mai gangara ɗaya, wadda ake jingina ta da wani gini, faɗinta gaba ɗaya ake rabawa da cos θ. Rufi mai gangara huɗu kuma, raftocin da ke sauka kan kusurwoyin gini sun fi sauran tsawo kuma lissafinsu daban ne.

Sannan dokar tsawo kawai take faɗa. Ba ta ce tu-bai-fo zai ɗauki nauyin ba, wannan ya danganta da irin katakon, da tazarar jeri, da inda aka sa tokara. Ba ta kuma ce komai game da iska ba. Filin Kura da Bunkure shimfiɗe yake, gonaki ne ba abin da ke tare guguwar farkon damina, kuma iska ta ƙarƙashin baki take shiga ta ɗaga rufi. Duk yadda lissafi ya yi daidai, sai an ɗaure katakon da jikin ginin da langa-langa ko rodin da aka binne tun ana gini. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi a irin wannan fili.

Ga na gwaji ga mai so. Shagon taki ne, faɗinsa mita 7.2 daga baya zuwa baya, kusurwa digiri 25, baki santimita 45, katako tu-bai-fo. Ka fitar da tashin rufi, da tsawon rafta, da katakon da ake buƙata, kafin ka karanta layi na gaba. Tashin mita 1.68 ne, raftar mita 4.47, katakon kuma kusan 4.52. A wannan ginin ba rage bakin da zai cece ka, domin rabin faɗin kaɗai ya kai mita 3.6. Haɗi dole ne, don haka tambayar da za ka amsa a zanenka ita ce inda tokara za ta tsaya.